Tsarin kasuwa ya karye: in sayar, ko in tsaya in gani?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya ɗaure min kai. An koya mana cewa muddin kasuwa tana yin HH da HL, wato tudu sama da tudun baya, kwari sama da kwarin baya, sama take tafiya, ranar da ta karya HL kuma labari ya canja. To ni duk lokacin da na buɗe BTCUSDT, wato farashin Bitkoyin da dalar USDT, a jadawalin minti 15, sai in ga HL wajen biyar a jere. Wanne ne idan ya karye zan ce tsarin ya juya? Jiya na ga ɗaya ya karye, na sayar, ko awa biyu ba a yi ba farashi ya wuce inda na sayar ɗin ya bar ni a tasha.

Sarkin Leberej: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin ba shi da wuya. Kyandir, wato sandar farashi ta jadawali, ya rufe ƙasa da kwarin ƙarshe, CHoCH ke nan, alamar tsari ya juya, ka juya ka bi masu sayarwa. Na jiyan nan jela ce kawai ta leƙa ƙasa, jikin kyandir bai rufe ba. Na rantse haka aka yi.

Ɗan Kwari: Wallahi Oga ya rufe. Kyandir biyu ma suka rufe a ƙasa.

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam. Sarki, batun rufewa ka yi gaskiya, amma ba shi ne ciwon da ke damun yaron nan ba. Ɗan Kwari, ba kowane kwari ne ke riƙe da tafiyar kasuwa ba. Wanda ake tsaro shi ne kwarin da farashi ya taso daga cikinsa har ya je ya fasa tudun baya. Idan ya taso daga wani kwari, ya hau kaɗan, bai kai tudun baya ba ya dawo, wannan kwarin bai haifar da komai ba, karyewarsa kuma ba ta rushe komai ba. Motsin cikin gida ne.

Bari in ba ka misalin da kowa zai iya buɗewa ya duba da idonsa. Koma jadawalin 1D na Bitkoyin, wato na kwana, ƙarshen 2021. Ranar 20 ga Oktoba farashi ya kai wajen dala 67,000. Ya sauko zuwa wajen 58,000 a ƙarshen watan. Daga wannan kwarin ya taso ya fasa 67,000, har ya taɓa kusan 69,000 ranar 10 ga Nuwamba. To ka ga 58,000 shi ne kwarin da ya haifi sabon tudu. Tsakanin 58,000 da 69,000 akwai ƙananan kwaruruka da yawa, kuma duk an karya su ɗaya bayan ɗaya bayan 10 ga wata, amma mai kallon jadawalin kwana bai da hujjar cewa hawan ya ƙare. Sai ranar 18 ga Nuwamba, da kyandir ɗin kwana ya rufe a wajen 57,000, ƙasa da wancan kwarin. Ranar ce tsarin hawa na jadawalin kwana ya karye.

Baban Khalifa: Malam ai ni abin da nake faɗa kullum ke nan. Duk wanda ya sayi Bitkoyin a 69,000 ya yi ganganci, tsada ta yi yawa. Kaya idan ya yi tsada dole ya sauko.

Malam Na-Zariya: Alhaji, ba maganar tsada muke ba. A 20,000 ma an ce ya yi tsada, a 40,000 an ce ya yi tsada. Tsarin kasuwa bai san tsada ko araha ba, abin da yake tambaya ɗaya ne: masu saye suna ci gaba da tare farashi a sama da inda suka tare shi a baya, ko sun kasa?

Sarkin Leberej: To ai mun dawo kan maganata. 18 ga Nuwamba an rufe a ƙasa, sai a danna Sell. Wanda ya yi haka ya ci har 42,000 a farkon Disamba.

Malam Na-Zariya: A wannan karon ya ci. Amma matsa baya da wata biyu kawai ka ga abin da wannan dokar taka za ta yi maka. Ranar 7 ga Satumba 2021, ranar da El Salvador ta fara amfani da Bitkoyin a matsayin kuɗin ƙasa, farashi ya faɗo daga wajen 52,900. Zuwa 21 ga wata ya taɓa wajen 39,600, ya kuma rufe ƙasa da kwaruruka na tsakiya da ƙarshen watan Agusta. A jadawalin kwana tsarin hawa ya karye sarai, babu musu. Wanda ya juya ya sayar a nan yana jiran a ci gaba da zubewa, a farkon Oktoba farashi ya dawo ya wuce 52,900, ya ɗauke shi har 67,000.

Karyewa iri ɗaya, sakamako daban. Shi ya sa nake cewa karyewar kwari tana ƙwace maka hujjar saye ne, ba ta miƙa maka hujjar sayarwa a take. Akwai zango a tsakani wanda matasa ba sa son zama a cikinsa, wato ka ce yau ba ni da alƙibla. Kafin ka karkata zuwa ƙasa kana buƙatar ganin abu biyu bayan karyewar: farashi ya yi yunƙurin hawa ya kasa kai tudun baya, LH ke nan, sannan ya sauko ya karya sabon kwarin da ya yi. A Nuwamba an samu duka biyun. Bayan karyewar ya sauka wajen 53,000, ya yunƙura ya tsaya a wajen 59,000, kusan daidai wurin da ya karya, sannan ranar 4 ga Disamba ya zube. A Satumba kuwa bayan 39,600 ba a sake yin wani sabon kwari a ƙasa ba, sai hawa.

Ɗan Kwari: Malam na fara ganewa. Amma idan na jira LH sannan na jira wata karyewar, ai an riga an yi nisa.

Malam Na-Zariya: An yi nisa kam, kuma ba zan ɓoye maka ba, kuɗin tabbaci ke nan. Ko ka shiga da wuri ka yarda za a riƙa yaudararka sau da yawa, ko ka shiga a makare ka yarda ka bar wani yanki na tafiyar. Babu wanda ya tsira daga duka biyun. Akwai masu tsaka-tsaki: bayan karyewa ta farko sai su jira farashi ya dawo wurin da ya karya, su shiga a nan, su sa SL, wato odar tsayar da asara, a bayan tudun da suke zaton shi ne LH. Idan ya fasa wurin, zatonsu ya ɓaci, sun fita da ƙaramar asara.

Hajiyar Sabon Gari: Sannunku da muhawara. Ni dai ba na taɓa Futures, ba na sayar da abin da ban mallaka ba, Spot kawai nake yi. To ni wannan karyewar me za ta amfana min? Tun da ba zan ci riba a faɗuwa ba.

Ɗan Maraɗi: Hajiya ke ma kin fi mu amfana da ita. Ni ma Spot nake. Idan tsarin hawa yana nan daram, duk saukowa dama ce ta ƙara saye kusa da kwarin da ake tsaro. Da zarar ya karye sai in daina ƙari. Ban ce dole in zubar da duk abin da ke hannuna ba, amma hannu ya fita daga aljihu. Idan kuma aka yi LH aka sake karyawa, nan zan rage kaya. Mutanen da suka fi jin jiki a 2022 su ne waɗanda suka ci gaba da cewa ragi ne, suna saye a 50,000, a 40,000, a 30,000, alhali kowane yunƙurin hawa yana mutuwa ƙasa da na bayansa. Na ƙarshen Disamba ya tsaya wajen 52,000, na ƙarshen Maris wajen 48,000.

Hajiyar Sabon Gari: To amma wanne jadawali zan kalla? Don Malam ya ce a Satumba na kwana ya karye kuma ƙarya ce.

Malam Na-Zariya: Hajiya ban ce ƙarya ce ba. Na kwana ya karye da gaske, sai dai na mako bai karye ba. Kwarin da hawan nan ya taso daga cikinsa a jadawalin mako shi ne na Yuni da Yuli, wajen 29,000, kuma faɗuwar Satumba ba ta ko kusance shi ba. Abin da mai kallon kwana ya kira juyawa, mai kallon mako HL ya gani ana ginawa. Kuma da aka fasa tudun Afrilu na wajen 64,800 a watan Oktoba, sai 39,600 ya zama shi ne kwarin da mai jadawalin mako yake tsaro. Wannan bai karye ba sai wajen 21 ga Janairu 2022. Kin ga tazarar: mai kwana ya samu gargaɗinsa a wajen 57,000, mai mako sai ƙasa da 40,000.

Ke da kike saye ki ajiye wata da watanni, na mako ne alƙiblarki, na kwana kuma ya zama ƙararrawa ta farko. Ɗan Kwari kuma da yake zaune a minti 15, tambayar da ya kamata ya fara yi ita ce mene ne 4H, jadawalin awa huɗu, yake faɗa. Ina kyautata zaton abin da ya karye masa jiya saukowa ce ta cikin hawan 4H, ya je ya sayar daidai inda manya ke jiran saye.

Ɗan Kwari: Na duba yanzu. Kwarin 4H yana can ƙasa, ba a ko taɓa shi ba. Innalillahi.

Sarkin Leberej: To Malam na ji. Amma a kan jela da jiki ba zan sauka ba. Jela ba ta karya tsari, ko da ta kai ina.

Ɗan Maraɗi: Ni a nan ina da ja, Sarki. Idan jela ta sauka ƙasa da kwarin, ai an yi ciniki a wannan farashin da gaske. Wanda ya sa SL a wurin an cire shi, ba ruwan kasuwa da cewa kyandir ya dawo ya rufe a sama. Kuma jelar kwana ɗaya, idan ka buɗe ta a jadawalin awa ɗaya, sai ka tarar kyandir uku ko huɗu ne suka rufe a ƙasa. To wa ya ce rufewar kwana ce gaskiya, ta awa ƙarya?

Sarkin Leberej: Ai shi ya sa ake cewa ka tsaya a jadawalinka. Idan a na kwana ka zana kwarin, rufewar kwana za ka jira.

Ɗan Maraɗi: Rufewar kwanan ma ta wa? A Binance kyandir ɗin kwana yana rufewa ƙarfe 12 na dare agogon UTC, wato ƙarfe 1 na dare a Kano da Maraɗi. Masu canjin kuɗaɗe yawancinsu nasu yana rufewa ƙarfe 5 na yamma agogon New York. Kirifto ba ya barci, layin da aka ja aka ce nan kwana ya ƙare mutane ne suka ja shi.

Malam Na-Zariya: Ku biyun kowa yana da rabin gaskiya, kuma wannan gardamar ta girme mu duka. Ni da rufewa nake aiki, dalilina kuma shi ne ƙarƙashin duk wani kwari da kowa ke gani an tara odar SL. Farashi yana yawan leƙawa ya kwashe su ya dawo. Idan na ɗauki kowace jela a matsayin karyewa, alƙiblata za ta riƙa juyawa kamar fanka. Amma abin da Ɗan Maraɗi ya faɗa gaskiya ne, jiran rufewa yana da ranar da zai cuce ka, ranar da kyandir ɗaya zai yi tafiyar sati guda kafin ya rufe. Shi ya sa rufewa take yanke min hukuncin alƙibla, SL kuma yana nan a kasuwa ba ya jiran rufewar komai. Abin da ba na yarda da shi kawai shi ne mutum ya yi aiki da jela yau saboda ta dace da abin da yake so, gobe ya ce sai jiki.

Hajiyar Sabon Gari: To Malam a juya mana shi. Bayan an daɗe ana zubewa, yaya ake gane an fara hawa? Wannan ne ni ya fi damuna, don lokacin ne nake son sake buɗe jaka.

Malam Na-Zariya: Abu ɗaya ne aka kifa. Yanzu tudun da ya haifi kwari mafi zurfi shi ake tsaro. Bayan rushewar kasuwar kirifto ta FTX a Nuwamba 2022 Bitkoyin ya kai wajen 15,500. Tudun da aka taso daga kansa aka yi wannan zubewar shi ne na farkon Nuwamba, wajen 21,500. A Janairu 2023 farashi ya hau ya rufe a samansa.

Ɗan Maraɗi: Ni a nan na ce tsarin ya juya, kuma har gobe ina kan bakata. Shi ne tudun ƙarshe kafin kwari mafi zurfi, dokar da Malam ya kafa da bakinsa ke nan.

Malam Na-Zariya: A jadawalin kwana ban musa ba. A na mako ni na fi ganin tudun Agusta 2022, wajen 25,200, don shi ne ƙololuwar duk yunƙurin da aka yi bayan kwarin Yuni na wajen 17,600. Na farkon Nuwamba ƙaramin tudu ne a kan hanyar saukowa daga can. Kuma dubi yadda kasuwa ta yi da wurin. A Fabrairu 2023 farashi ya zo ya taɓa 25,200 ɗin, ya kasa rufewa a sama, ya koma har wajen 19,600 ranar 10 ga Maris, lokacin rikicin bankin Silicon Valley. Wannan kwarin yana sama da 15,500 nesa ba kusa ba, HL na farko ke nan mai girma. Sati na gaba ya tashi ya rufe mako a wajen 28,000. Nan ne na samu duka biyun a jadawalin mako: kwari sama da kwari, tudu sama da tudu.

Ɗan Maraɗi: Ka ga ni na shiga a wajen 22,000, kai sai 28,000.

Malam Na-Zariya: Haka ne, kuma a 10 ga Maris kana cikin asara kana addu'a, ni ina shan shayi. Kowa da abin da ya biya.

Baban Khalifa: Ni fa duk wannan zane-zanen ban yarda da shi ba. FTX ce ta kayar da kasuwa, rikicin banki ya tashe ta. Labari ne ke tafiyar da farashi, ba layi ba.

Ɗan Maraɗi: Alhaji ba wanda ya ce layi ne ke tura farashi. Amma lokacin da FTX ta rushe, shekara guda ke nan ana yin LH da LL, tudu ƙasa da tudu, kwari ƙasa da kwari. Wanda ke bin tsari bai san FTX za ta rushe ba, sai dai labarin bai same shi da kaya niƙi-niƙi a hannu ba.

Ɗan Kwari: Malam tambaya ta ƙarshe. Da a ce na saya a 28,000 ɗin nan, ina zan sa SL? Ƙasa da kyandir ɗin da ya fasa?

Malam Na-Zariya: Idan hujjarka ta saye ita ce tsarin mako ya juya, to wurin da hujjar za ta mutu shi ne ƙasa da 19,600, ba kusa ba. Yi lissafin: daga 28,000 zuwa 19,600 tazarar 8,400 ce, kashi 30 cikin ɗari. Idan jarinka dala 1,000 ne kuma ba ka son rasa fiye da dala 10 a shiga ɗaya, sai ka raba 10 da 0.30, kayan dala 33 kawai za ka iya ɗauka. Da yawa idan suka ga wannan sai su ji haushi, su matso da SL kusa don su ɗauki kaya mai yawa, sai saukowa ta yau da kullum ta cire su alhali tsarin da suka dogara da shi bai ko girgiza ba. Alƙibla daban, wurin shiga daban. Karyewar ta gaya maka ɓangaren da za ka nemi ciniki, ba ta ce ka shiga a wannan kyandir ɗin ba.

Kuma wanda ya yi haƙuri a 2023 ya samu. Farashi ya dawo yankin 25,000 a tsakiyar Yuni, ya sake dawowa a Satumba, tsohon tudun ya zama wurin tarewa. Sai dai a nan ma akwai tarko. Daga Afrilu zuwa Oktoba kasuwa kai-komo kawai take yi tsakanin wajen 25,000 da 31,000 da ɗoriya. A irin wannan zaman, jadawalin kwana zai ba ka karyewa sama, ya ba ka karyewa ƙasa, babu wadda ta je ko'ina. Alamar da za ka gane ita ce karyewa biyu ko uku a jere masu saɓa wa juna, kowacce ta mutu kafin ta kai bakin iyaka. Idan ka ga haka, ka goge ƙananan layukan ka bar biyu, na sama da na ƙasa, har sai ɗaya ya karye. Na saman ya karye a ƙarshen Oktoba.

Sarkin Leberej: Akwai indiketa a TradingView da ke rubuta BOS, wato karyewar da ke ci gaba da tsari, da CHoCH da kanta, ku huta da wannan wahalar.

Ɗan Maraɗi: Tana rubutawa, amma ƙidayar kyandir take yi, misali tudu shi ne wanda ya fi biyar na hagunsa da biyar na damansa. Canja biyar ɗin zuwa goma ka ga rabin rubutun ya ɓace, wasu sun koma wani wuri. Kuma ba ta iya tabbatar da tudu sai kyandirorin dama sun cika, don haka abin da kake gani a tarihi tsaf-tsaf, a lokacin da ake ciki bai bayyana ba tukuna.

Hajiyar Sabon Gari: To ni yanzu tsakanin 21,500 na Ɗan Maraɗi da 25,200 na Malam, wanne zan ɗauka idan irin haka ta sake faruwa? Kun bar ni a tsakiya.

Ɗan Maraɗi: Hajiya ki raba kuɗin biyu, rabi a nawa rabi a nasa.

Malam Na-Zariya: Wannan ma hanya ce, in dai tun kafin ki saya kin rubuta inda kowane rabi zai fita. Ɗan Kwari, turo hoton 4H ɗin nan, ka sa alama a kan kwarin da kake ganin shi ya haifi tudun ƙarshe, mu gani ko mun yi daidai da kai.

Ɗan Kwari: To Malam, ga shi nan tafe. Akwai guda biyu da suka rikita ni, zan zagaye su duka.